Yadda Ake Tsara Makonnin Horo da Hutu ga Ɗalibai Masu Gudun Mita 100

Horon gajeren gudu yana tafiya ne bisa zango na mako huɗu: mako uku ana ƙara wa ɗalibi aiki kaɗan-kaɗan, a mako na huɗu a sassauta masa. Dalili kuwa shi ne jiki ba a kan fili yake ƙara sauri ba. A fili gajiyar da tsoka da jijiyoyi ake yi, sai an huta sannan su farfaɗo su fi da ƙarfi. Tsoka takan warware cikin kwana biyu ko uku, amma jijiyoyin da ke haɗa ta da ƙashi sun fi nawa, saboda haka gajiyarsu kan yi ta taruwa ba tare da yaron ya ankara ba.

A yawancin makarantun sakandare gasar wasanni tsakanin gidaje takan faɗo a zango na biyu. Idan malamin wasanni yana da mako takwas kafin ranar, sai ya raba su gida biyu. A ɗauki ɗalibi mai shekara 15 da ke gudun mita 100. A cikin mako, kwana biyu kawai zai yi gudu da iya ƙarfinsa, a ce Litinin da Alhamis, domin ana son aƙalla awa 48 tsakanin horo mai tsanani da wani. Laraba ta sassarfa ce a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, da motsa jiki mai ƙarfafa ciki da cinya.

Ranar Litinin ta koyon tashi ce. Bayan ɗumama jiki na kamar minti 15, a makon farko zai ruga mita 30 sau shida, jimilla mita 180. A mako na biyu sau bakwai, a na uku sau takwas, wato mita 240. Tsakanin kowane gudu da na gaba sai ya huta minti uku, bisa ƙa'idar da masu horarwa suka saba bi ta minti ɗaya ga kowace mita goma. Nan ne aka fi yin kuskure. Malami kan ga yara a tsaye ya ɗauka lalaci ne, ya kora su su sake rugawa suna haki. Yaron da bai gama maida numfashi ba ba zai kai saurinsa na gaskiya ba, horon sai ya koma na juriya, wanda ba shi ake nema ba. Alhamis kuwa ta ƙurewar gudu ce: ya taho da sauri a hankali na mita 20, ya saki ƙafa gaba ɗaya a mita 20 na gaba, sau uku a farko, har zuwa sau biyar a mako na uku.

Makon hutu ba zaman gida ba ne. Yawan gudun ake ragewa da kusan rabi, saurin kuwa yana nan yadda yake. Litinin ta koma mita 30 sau huɗu, Alhamis sau biyu ko uku. Idan aka rage saurin aka bar yawan, gajiyar ba ta tafi ba, kaifin ƙafar kuma ya dakushe. A ƙarshen wannan mako ne ya dace a gwada lokacin ɗalibi, tun da jikinsa ya sake.

A zango na biyu nisan ne ke ƙaruwa. Litinin ta zama mita 60 sau huɗu da hutun minti shida, Alhamis kuma mita 120 sau biyu ko uku da hutun minti goma zuwa sama, don ya koyi riƙe sauri har layin ƙarshe. Mako na takwas, wanda gasar ke ciki, shi ne makon sassauci na biyu, kuma a daina gudu mai tsanani kwana uku kafin ranar.

Agogo ne ke nuna ko aikin ya yi yawa. Idan yaro ya saba cin mita 30 a daƙiƙa 4.5, sai ga shi ya yi 4.7 sau biyu a jere, horon ranar ya ƙare ko da saura a lissafi. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙa danna agogon, don hannu da hannu sun bambanta. Sauran alamun su ne nauyin ƙafa tun wajen ɗumama jiki, rashin barci, da ciwon ƙwauri, wanda busasshen fili na lokacin hunturu ke saurin jawowa. Ɗaurewar tsokar bayan cinya ta fi duka haɗari, domin ita ce kan yage a tsakiyar gudu.

Ɗalibin da ke cikin shekarun tsawo, idan ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya, sai a mayar da shi tsarin mako biyu na aiki da ɗaya na sassauci, a kai shi asibiti idan ciwon ya ƙi lafawa. Haka kuma ƙwallon da yake bugawa da yamma a unguwa tana cikin lissafin aikin mako. Idan ya buga wasa mai zafi ranar Lahadi, horon Litinin sai ya koma Talata, na Alhamis kuma ya matsa zuwa Juma'a.