Yadda Ake Raba Kuɗin Tallar Sabon Kaya Gida Uku: Kwaɗaitarwa, Ƙaddamarwa da Bibiya

Duk wanda ya daɗe a Agege ko Sabo ta Ibadan ya taɓa ganin irin wannan. Mutum ya fito da sabon kaya, ya kafa rumfa, ya ɗauko lasifika, aka ci aka sha, aka yi hotuna. Bayan mako uku ka tambaye shi ya kasuwa, sai ya ce maka "da godiya" da murya ƙasa-ƙasa. Sau da yawa kayan ba shi da laifi. Kuɗin talla ne ya ƙone gaba ɗaya a rana guda, lokacin da ya kamata a koma wa masu saye kuwa aljihu ya riga ya bushe.

Maganin wannan shi ne a raba tallar mataki uku tun kafin a kashe ko sisi, kowane mataki da aikinsa da kasonsa. Na farko kwaɗaitarwa, wato sa mutane su fara jira. Na biyu ƙaddamarwa, lokacin da kaya ya shiga hannu. Na uku bibiya, wato dawo da wanda ya saya sau ɗaya ya sake saye.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce mai kilishi ne a Agege da ya saba sayarwa a takarda, yanzu yana so ya fito da shi a leda mai hatimi, da suna da tambari. Leda ɗaya tana cin masa N1,100 da nama da kayan haɗi da ledar kanta, zai sayar N1,500. Ribarsa N400 ke nan. Ya ware N500,000 domin talla, ban da jarin kayan.

Lissafin farko, raba N500,000 da N400. Ya ba ka 1,250. Sai ya sayar da leda 1,250 kafin kuɗin tallar kaɗai ya dawo. Ƙaramin ɗan kasuwa da wuya ya sayar da wannan a makon farko. To ka ga dalilin da ya sa ba a zuba komai a ranar buki.

Rabon da ya dace da irin wannan kaya, wanda ake ci a sake saye, shi ne kashi 20 cikin ɗari ga kwaɗaitarwa, kashi 40 ga ƙaddamarwa, kashi 30 ga bibiya, kashi 10 kuma ajiyar ko-ta-kwana. A kuɗi, N100,000 da N200,000 da N150,000 da N50,000. Kuɗin bibiya shi za ka fara cirewa ka sa a wani asusu daban, domin shi ne wanda hannu ya fi saurin kai wa idan buki ya yi zafi.

Kafin a fara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abincin da aka ɗure a leda da suna domin sayarwa yana buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kayan da babu lambarta. Rajistar tana ɗaukar lokaci, saboda haka kada ka sa rana sai lamba ta fito. A Legas, kafa allon talla a bakin titi yana ƙarƙashin hukumar LASAA, gara ka nemi izini da a zo a cire maka.

Sannan ka duba kalanda. Mai kilishi kada ya ƙaddamar a makon Babbar Sallah, gidaje cike suke da nama. Watannin Yuni da Yuli ruwa ya fi yawa a Legas, rumfar waje ba ta da tabbas, danshi kuma yana sa kilishi ya yi laushi har ya yi funfuna idan hatimin leda bai kama ba. Ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga, ya fi tsakiyarsa.

Matakin farko: kwaɗaitarwa, mako biyu, N100,000

A nan ba ciniki ake nema ba tukuna. Abin da ake nema shi ne jerin mutanen da suka ce suna so, da lambobin wayarsu. Mai kilishinmu zai kashe N30,000 a kan hotuna masu kyau da gajeren bidiyo na yadda ake shanya nama da shafa masa haɗi. Zai ware leda 40, wato N44,000, ya yanyanka ƙanana a ɗanɗana a bakin ofisoshi da tashar mota da ƙofar shagonsa. N20,000 su tafi tallar Facebook da Instagram, a taƙaita ta ga Agege da Ogba da Ikeja, inda zai iya kai kaya ba tare da kuɗin ɗan aike ya fi kuɗin kilishin ba. Sauran N6,000 na data ne da kuɗin mota.

Duk wanda ya ɗanɗana, a roƙe shi lambarsa, a gaya masa ranar fitowa da farashi. Kada ka ɓoye ko mene ne kayan. Manyan kamfanoni suna iya rufe abu da ƙyalle su ce "yana nan tafe" saboda an san su. Kai in ka yi haka, wucewa kawai za a yi. Kuma ka tuna yawancin masu sayenka a nan ba Hausawa ba ne. Saƙon ya fita da Hausa domin 'yan uwa, ya fita da Turancin buroka, in akwai hali da Yarbanci.

Ma'aunin wannan mataki shi ne lambobi 200, da mutum kamar 50 da suka biya tun kafin kaya ya fito. Idan aka samu, kowace lamba ta tsaya maka a N500. Idan mako biyu suka cika lambobin ba su kai 60 ba, tsaya. Ko farashin ne, ko ɗanɗanon, ko unguwar da ka nufa. Tambayi waɗanda suka ƙi, ka gyara, ka ɗaga ranar. Asarar N100,000 ta fi asarar N500,000 sauƙi. Kada kuma ka ja matakin ya wuce mako uku, mai jira yana gajiya.

Mataki na biyu: ƙaddamarwa, kwana goma, N200,000

Kwana goma muka ce, ba yini ɗaya ba. Wanda bai samu zuwa ranar Asabar ba zai zo Talata, wanda ya saya ranar farko zai gaya wa abokin aikinsa a rana ta uku. Tebur da rumfa da ƙyallen talla su ci N40,000. Samari biyu masu sayarwa, kowanne N3,000 a rana, N60,000 ke nan. Tallar waya N50,000, wato N5,000 kullum. Ragin N200 ga leda 150 na farko ya kama N30,000. Sauran N20,000 su tallafa wa kuɗin kai kaya gida.

Lura da cewa ragin farashi mun sa shi cikin kasafi. Da yawa ba sa ƙirga shi, sai daga baya su rasa inda riba ta shiga. Ragi kuɗin talla ne, kuma dole ya kasance da iyaka ta adadi ko ta rana, in ba haka ba mutane za su ɗauka N1,300 ne farashin gaskiya.

Mutanen da ke jerinka su ne za a fara aika wa saƙo ta WhatsApp, kwana ɗaya kafin kowa. Kaya kuma ya kasance a ƙasa, aƙalla ninki biyu na odar da aka riga aka biya, da nama da ma'aikatan da za su ƙaro cikin kwana biyu ko uku. Babu abin da ya kai zafin ka biya kuɗin talla, mai saye ya zo, ka ce masa ya ƙare. In kaya ya yi ƙasa, dakatar da tallar waya a ranar har sai ya dawo.

Kowane dare a rubuta abu uku: leda nawa aka sayar, mutum nawa suka saya, kuma a ina suka ji labari. Idan mutum 40 suka ce wajen ɗanɗano suka sani, 5 kawai suka ce a waya, to ka san inda sauran kuɗin ya kamata ya koma.

A ce kwana goma sun ba shi leda 500. Ribar N200,000 ke nan. Kasuwa ta yi kyau, amma har yanzu akwai N300,000 a waje, idan har ajiyar ma ta tafi.

Mataki na uku: bibiya, mako shida, N150,000

A nan ne ake gane ko kasuwanci aka kafa ko buki aka yi. Aiki na farko, kaya ya kusanci mai saye. A zuba leda biyar-biyar a shaguna goma, su sayar su biya, N55,000 ke nan. A rubuta adadi da rana, a riƙa zagayawa duk mako, abin da ya kwana biyu bai motsa ba a ɗauke shi a kai inda yake tafiya. Tallar waya ta ci gaba a hankali, N7,500 a mako, jimla N45,000, wannan karon da maganganun waɗanda suka ci suka yaba, bayan an nemi yardarsu. Leda 30, wato N33,000, su zama kyautar wanda ya sayi biyar. N17,000 na kira ne da zirga-zirga.

Kiran nan kada a raina shi. Bayan mako guda da saye, a tuntuɓi mutum: "Oga, ya ka ji kilishin? Yajin ya yi yawa?" Daga nan za ka ji ko masu sayenka suna son mai ƙarancin barkono, ko ledar tana wuyar buɗewa. Saƙo ɗaya a mako ya isa. In ya wuce haka, toshe lambarka za su yi.

Yanzu lissafi. Idan mutum 120 suka dawo suna sayen leda biyu a wata, ribar N96,000 ce. Idan shaguna goma suna sayar da shida-shida a mako, leda 240 ke nan a wata, a ribar N250 tunda mai shago ya ɗauki N150, ya ba da N60,000. Jimla N156,000 a wata. Cikin wata biyu N300,000 ɗin ta dawo, abin da ya biyo baya riba ce.

Alamar hatsari ita ce a wata na farko a ga ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar ne ya dawo. Wannan ba matsalar talla ba ce, kada ka ƙara mata kuɗi. Kayan ne ko farashin yake buƙatar gyara, kuma a nan ajiyar N50,000 take amfani.

Inda rabon yake canzawa

Wannan kaso ba doka ba ne. Wanda yake da tsofaffin kwastomomi da yawa zai iya rage kwaɗaitarwa zuwa kashi 10, ya ƙara wa bibiya. Mai kayan lokaci guda, kamar shaddar Sallah ko dabinon azumi, ya kai ƙaddamarwa kashi 60, domin bayan lokacin babu wanda zai bibiya da yawa. Mai kaya mai tsada da ake saye sau ɗaya, kamar na'urar sola, bibiyarsa ta koma kan gyara da neman wanda ya saya ya kawo wani.

Ko wane rabo ka zaɓa, rubuta shi a takarda kafin ka biya mai hoto, ka rubuta adadin da za ka gani kafin ka wuce daga wannan mataki zuwa na gaba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.