Wasiƙar Sauya Jami'a: Kada a Saki Reshe a Kama Ganye

Ɗalibin da zai koma wata jami'a yakan ɗauka wasiƙar barin kwas ce matakin farko. A gaskiya ita ce ta kusa da ƙarshe. Da zarar an amince da ita, sunansa ya fita daga rajista, kuma idan sabuwar makarantar ta ƙi shi, dawowa sai da sabon roƙo. Don haka ba a rubuta ta sai takardar amincewar sabuwar jami'ar ta shigo hannu. Idan can sun ce sai sun ga sakamako tukuna, sai a fara neman sakamakon kaɗai, a jinkirta batun janyewa.

A ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji biyu a sashen ilimin sinadarai na Jami'ar Bayero, wadda aure zai kai Sakkwato, ta samu gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Magatakardan jami'a za ta rubuta wa, amma wasiƙar za ta bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, kowa ya sa hannu da hatimi. A sama za ta sa cikakken sunanta yadda yake a rajista, da lambar rajista, da sashe, da aji.

Cikin wasiƙar bai wuce abu uku ba. Na farko, ta bayyana cewa don raɗin kanta take janyewa, daga zango kaza. Wannan jimlar ce ke raba ta da wanda aka sallama saboda faɗuwa ko satar jarrabawa. Na biyu, dalili a layi ɗaya: sauyin wurin zama. Ba nan ake zuba ƙorafi kan malamai ba, domin su ne za su sa hannu. Na uku, roƙon a aika cikakken sakamakonta, wato tiranskirif, tare da ainihin adireshin ofishin da zai karɓa. A bisa al'ada, jami'a ce ke aika wa jami'a kai-tsaye. Kwafin da ɗalibi ya kawo da hannunsa ba kasafai ake amincewa da shi ba.

Abu biyu suka fi jawo tsaiko. Ɗaya bashi ne: littafin laburare da ba a mayar ba, ko ragowar kuɗin makaranta, ko na ɗakin kwana. Ɗayan kuma sakamakon da majalisar jami'a ba ta tabbatar ba tukuna. Zangon ba zai fito a takardar ba, sai sabon sashen ya ce a sake waɗannan darussan.

Kafin ta miƙa wasiƙar, ta yi kwafi, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata, ta adana shi tare da rasit ɗin biyan kuɗi. Bayan ta koma, ta tabbatar bayananta a JAMB sun nuna sabuwar jami'ar, in ba haka ba matsalar za ta jira ta har lokacin tafiya bautar ƙasa.