Katin hoto na kwamfuta: sabo, na hannu ko wanda aka gyara?

Mai neman katin hoto na kwamfuta da kuɗi kaɗan, ko don haɗa bidiyo ko zanen gini ko wasanni, yakan tarar da zaɓi uku a gabansa: sabo, ko na hannu, ko wanda aka gyara aka mayar kasuwa.

Kasuwar na hannu ta cika ne musamman bayan watan Satumban 2022, lokacin da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da irin waɗannan katuna wajen haƙo kuɗin. Masu haƙar sun sayar da katunan da suka shafe watanni, wasu ma shekaru, suna aiki dare da rana.

Wannan aiki ba lallai ne ya kashe ƙwaƙwalwar katin ba. Abin da ya fi gajiya shi ne fanka, da kuma man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke zuƙe zafi, wanda kan bushe.

Suna ɗaya, kati biyu

Katin RX 580 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017, misali ne na inda mai saye ke iya ruɗewa.

Na asalin yana da ƙananan sassan lissafi 2,304. To amma a 2018 an fitar da wani a kasuwar China mai suna RX 580 2048SP, wanda sassansa 2,048 ne, daidai da na RX 570 da ke ƙasa da shi a daraja.

Irin wannan na biyu ne ake yawan gani a shagunan intanet cikin sabon kwali da sabuwar fanka, alhali sau da yawa ƙwaƙwalwar an ciro ta ne daga tsohon kati.

A nan kalmar "gyararre" ke da ma'ana biyu. Akwai wanda kamfanin da ya ƙera katin ya duba, ya gyara, ya ba shi garanti, ko da bai kai na sabo tsawo ba. Akwai kuma wanda wani ɗan kasuwa ya wanke ya sauya wa riga. Takardar garanti ce ke raba su, kuma wanda ba shi da ita, na hannu ne, kome kyan kwalinsa.

Gwaji kafin biya

Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati. A layin da aka rubuta Shaders, idan aka ga 2048 maimakon 2304, to ba cikakken RX 580 ba ne, kuma bai kamata a biya kuɗin cikakke ba.

Manhajar takan kuma rubuta [FAKE] a gaban sunan wasu katunan jabu, irin tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Ko da ido ma ana gane wannan: na jabun yakan zo da tsohuwar kafar VGA mai ramuka 15, wadda ƙwaƙwalwar GTX 1050 Ti ba ta fitar da hoto ta irinta kai tsaye.

Daga nan sai a ɗora wa katin aiki mai nauyi da manhaja irin FurMark na kimanin minti 20. Ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a allo alama ce ta lalacewar ma'adanar katin, kuma gyaranta na da wuya da tsada. Zafi mai yawa ko fanka mai ƙara kuwa matsala ce mai sauƙi, domin ana sauya man da fankar, sai dai a nemi ragi.

Mai sayarwar da ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba da amsa.

Lissafin wuta

Farashin kanti ba shi ne duka kuɗin ba. RTX 3060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2021 da ma'adana gigabait 12, yana jan wat 170. RTX 4060 na 2023 mai gigabait 8 yana jan wat 115 kawai, kuma ya fi shi sauri a yawancin wasanni.

Bambancin wat 55 ne. A aikin sa'o'i shida, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit ɗaya na wuta a kowace rana. Ga mai dogaro da janareta ko batirin sola a Kano ko Maraɗi, inda zafin ɗaki kansa ke ƙara wa kati wahala, wannan abin lissafi ne.

Haka kuma tsohon kati mai cin wuta na iya tilasta sauya akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar, sai rarar da aka samu ta tafi a can.

Duk da haka, mai haɗa bidiyo masu nauyi na iya fifita RTX 3060 na hannu saboda gigabait huɗun da ya fi da su, muddin ya ci gwajin, kuma mai sayarwa ya amince a rubuce zai karɓi kayansa idan matsala ta bayyana cikin kwanakin da aka yi yarjejeniya.