Yadda na daina fargabar yi wa malamar da nake girmamawa magana

Lokacin da nake aji ɗaya a jami'a, akwai wata malama a sashenmu na nazarin halittu da ta burge ni ƙwarai. Ita ta koyar da mu yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa, kuma ta iya bayani kamar mai ba da tatsuniya. Na so in yi mata magana, amma karon farko na sha kunya. Na tare ta a kan mataƙala tana sauri za ta shiga wani aji, na ce, "Malama, wallahi kina burge ni, ina so in zama kamarki." Ta yi murmushi, ta ce, "Na gode, Allah ya taimaka," ta wuce. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Na daɗe ina tunanin inda na yi kuskure. Daga baya na gane cewa yabo zalla ba ya jawo hira, domin amsarsa ɗaya ce: godiya. Ban ba ta abin da za ta ɗora magana a kai ba. Ga shi kuma na zo a lokacin da hankalinta yake wani wuri.

Bayan mako uku na sake gwadawa, amma da shiri. A darasi ta ce macen sauro nau'in anofilis ce kaɗai ke yaɗa cutar, domin ita ke shan jini don ƙwanta ya girma. Na koma ɗakin karatu na duba littafi, na ga cewa sai ƙwayar cutar ta yi kwanaki tana girma a cikin sauron kafin ta iya shiga jikin wani mutum. Nan tambaya ta zo mini, na rubuta ta a bayan littafina. A ƙofar ofishinta akwai takarda mai nuna lokacin ganin ɗalibai, sai na jira ranar.

Na ƙwanƙwasa, na yi sallama, na gaishe ta. Sannan na ce, "Malama, ni ɗaliba ce a ajinki na ranar Talata. Ina da 'yar tambaya kan darasin sauro, idan kina da minti biyar." Da ta ce in zauna, na ce, "Na karanta cewa ƙwayar cutar tana buƙatar kwanaki a jikin sauro. To, idan sauron ya mutu kafin kwanakin su cika, ke nan ba zai yaɗa cutar ba?" Sai ta ajiye alƙalaminta ta dube ni. Ta ce haka ne, shi ya sa ake jiƙa gidan sauro da magani, don sauron ya mutu da wuri. Minti biyar ya koma kusan ashirin, har ta tambayi sunana da makarantar da na gama.

Ku lura da abin da ya canja. Na faɗi ko ni wace ce da inda ta san ni, don kada ta tsaya tunani. Na ƙayyade lokaci, ta san ba zan cinye mata yini ba. Tambayar kuma ta nuna na yi ƙoƙari kafin in zo. Wannan shi ne yabon da malami ya fi ji daɗinsa, ba tare da an furta shi ba.

Akwai alamun da ke nuna lokacin tashi ya yi. Idan amsoshi sun koma "e" da "a'a", ko mutum ya fara duba agogo ko tattara takardu, to ka yi godiya ka miƙe. Ba ƙi ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Kada kuma ka roƙi lambar waya ko wata alfarma a haɗuwar farko, domin hakan zai sa a ɗauka tambayar dabara ce kawai. Ni da zan fita, cewa na yi, "Malama, idan na karanta babin da kika ambata, zan iya dawowa?" Ta ce in dawo.

Ba sai kun shiga jami'a za ku fara ba. A wannan makon, ka zaɓi darasi ɗaya da ya tsaya maka a rai, ka rubuta tambaya guda a kai, ka sami malamin a lokacin tara, ka gaishe shi, ka tambaya. Ko muryarka ta yi rawa, ba komai. Tawa ma ta yi, amma malamar tambayar ta saurara.