Kafin ki tura kuɗin kifi, karanta hoton da kyau

Cinikin ɗanyen kifi ya shiga waya. Mai sayarwa a Kano zai karɓo karfasa daga masuntan dam ɗin Tiga, ko giwan ruwa daga Yauri, ya ɗauki hoto ya tura wa masu saye ta WhatsApp, uwargida ta zaɓa tana zaune a gida, ɗan aike ya kawo. Sauƙi ne, amma ya raba mai saye da hanci da yatsa, waɗanda su ne manyan alƙalan kifi tun fil azal. Ba za ki shinshina hoto ba, ba kuma za ki danna tsoka ki ga ko ta taso ba. Ido kaɗai ya rage miki, shi ma abin da mai ɗaukar hoton ya ga dama ya nuna masa zai gani.

Duk da haka ana iya gane abubuwa da yawa, domin kifi yana nuna lalacewarsa a jiki. Da zarar ya mutu, sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjinsa sai su koma cin jikinsa, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatarsa da huhunsa da cikinsa kuma su samu sarari su hayayyafa. Zafi ne ke ingiza su. Kifin da aka ajiye a sanyin digiri 10 yana lalacewa da saurin da ya kai ninki huɗu na wanda aka binne cikin ƙanƙara, balle wanda aka bari a kan tebur a ranar bazara. Karfasar da za ta haura mako biyu lafiya cikin ƙanƙara, a zafinmu tsakanin asuba da magariba ta gama yawo. Saboda haka tambayar "yaushe aka kama shi?" ba ta isa ba. Kifin safiyar yau da ya sha rana ya fi na kwana uku cikin ƙanƙara lalacewa.

Kowa da ido yake farawa. Idon sabon kifi a cike yake, ya ɗan tasa waje, garau kamar gilashi, baƙin tsakiyarsa baƙi ƙirin mai sheƙi. Yayin da ruwan cikinsa ke ƙafewa sai ya baje, daga nan ya lotsa ciki, fatar samansa ta yi hazo, baƙin ya koma ruwan toka. A hoto, hasken da ya faɗa kan idon ne zai gaya miki siffarsa. Ido mai tudu yana tara haske a ɗigo ɗaya ƙarami mai kaifi, wanda ya baje ko ya lotsa kuwa haskensa a watse yake, ko ma babu. Hoton da aka ɗauka daga gaban kifin ko ta saman kansa ya fi na gefe amfani a nan, don ta haka ake ganin ko idon ya taso ko ya faɗa.

Sai dai ido yana yi wa kifi mai kyau sharri. In ƙanƙara ta kwanta a kansa, ko ya jiƙu cikin ruwan da ta narke, yakan yi fari da wuri alhali tsokar lafiya lau take. Daskarewa ma tana mayar da ƙwayar idon fara. Wanda ya ƙi kifi don idonsa ya yi hazo kawai, wataƙila ya ƙi wanda aka fi kula da shi ne. Lotsawar ido ta fi hazonsa zama abin tsoro.

Wurin da na fi yarda da shi shi ne huhun kifin, wato jan naman nan mai kama da haƙoran mataji da ke ƙarƙashin murfin da ke bayan kansa, wanda da shi yake shaƙar iska a cikin ruwa. Cike yake da jini, fatarsa siririya ce ƙwarai, kuma duk ƙazantar ruwa ta nan take bi, don haka nan ne ruɓa ke fara bayyana. A sabon kifi ja ne jawur ko ja mai haske, zarurrukansa a warware, kowanne ana ganinsa daban, yauƙin da ke kansu kaɗan ne kuma garau. Da lokaci ya ja, jinin yakan sauya launi kamar yadda yankakken nama ke yin duhu in ya sha iska: ja ya yi duhu, ya koma ruwan ƙasa, a ƙarshe ya zama toka-toka ko ya ɗauki kore. Yauƙin ya yi kauri, ya yi fari ko rawaya, ya manne zarurrukan su dunƙule wuri guda. Wannan dunƙulewa ta fi launi muhimmanci ga mai duba hoto. Launi yana hannun waya da fitila: wayoyi da yawa suna ƙara wa ja armashi da kansu, ƙwan lantarki mai rawaya yana sa komai ya yi ja-ja, jar roba ma tana shafa wa kifi launinta. Amma babu fitilar da za ta raba zarurrukan da yauƙi ya manne. Akwai kuma huhun da ruwan ƙanƙara ya wanke ya koɗe, ya yi fari-fari. In zarurrukansa a warware suke, ba yauƙi mai kauri, wannan ba ruɓa ba ce.

Abin takaici, kusan duk hoton da ake turowa murfin a rufe yake. Ki nemi a ɗaga shi da yatsa a ɗauka kusa. Aikin daƙiƙa biyar ne, kuma mai kaya mai kyau ba ya jin nauyin yin sa. In aka ce an riga an cire huhun, ba lallai ha'inci ne ba, don cire huhu da hanji da wuri yana ƙara wa kifi kwana, amma ki san babbar shaidarki ta tafi.

Fata ita ce mafi saukin yi wa kwalliya. Sabon kifi yana sheƙi, launukansa a fili, ɓawonsa a kwance a manne, yauƙin jikinsa siriri mai haske. Tsoho ya dushe, ɓawo ya zube a wurare, yauƙi ya yi gudaji-gudaji, bakin fiffike da na wutsiya sun bushe sun yage. Amma kofi ɗaya na ruwa yana dawo wa kifin jiya da ƙyalli na ɗan lokaci, kuma kowane mai tebur ya san haka. Don haka kada ki tsaya a kan ƙyalli, ki gangara ciki. Cikin da ya kumbura, ko ya yi laushi har ya fara tsagewa, ko dubura ta turo waje tana zubar da ruwa, alama ce hanji ya fara narkar da bangon cikin, kuma ruwa ba ya ɓoye wannan. Ki duba kuma ko akwai shatin yatsa ko na wani kifin da ya kwanta a kansa wanda bai ciko ba, domin tsoka mai ƙarfi ba ta riƙe shati. In kuwa kin ga kifin ya sanƙare a lanƙwashe, an riƙe shi ta kai wutsiya ba ta faɗi ba, albishir ne, muddin ba daskararre ba ne: sanƙarewar bayan mutuwa ce, kuma a ƙasa mai zafi ba ta daɗewa.

Masu binciken kifi ma haka suke yi, ba sa yanke hukunci da alama ɗaya. Tun shekarun 1980 aka fito da wata hanya a Tasmaniya ta Ostareliya, inda ake ba ido da huhu da fata da wari da taurin tsoka maki daga 0 zuwa 3, a tara, mafi ƙarancin maki shi ne mafi sabunta. Mai duba hoto ya rasa wari da tauri, don haka dole ukun da suka rage su yi magana da baki ɗaya.

A ce an turo miki hoton karfasa uku a farantin silba, suna ƙyalli, an ce na safiyar yau ne. Ta farko idonta ya yi hazo amma a cike yake, ta biyu idonta garau, ta ukun kuma an juya kanta gefe, wutsiyar ta biyu ta rufe cikinta. Kika nemi sabon hoto a waje cikin inuwa, ba filasha, a ɗaga murfin kowacce. Ta farko huhunta ja ne mai ɗan koɗewa, zarurruka a warware, ciki a ɗame. Wannan ta kwana a ƙanƙara, kuma ita ce zan fara ɗauka, don an kiyaye ta. Ta biyu huhunta jawur ne, ba ta da aibu, sai dai babu alamar ta taɓa ganin ƙanƙara, don haka in ɗan aike zai yi awa uku a hanya, a sa mata ƙanƙara ko a bar ta. Ta uku da aka juyo ta, ido ya faɗa, huhu ruwan ƙasa a dunƙule, ɓawo ya zube a gefen ciki. A hoton farko ƙyallinta ɗaya da na 'yan'uwanta.

Tarwada tana da nata hukuncin. Idonta ƙanana ne ƙwarai, ba ta da ɓawo, kuma da ma yauƙi ne da ita, don haka biyu daga cikin alamomin nan ba su da ƙarfi a kanta. Amma tana iya shaƙar iska a waje, tana daɗewa da rai cikin ɗan ruwa kaɗan, saboda haka abin nema a gare ta gajeren bidiyo ne da zai nuna tana motsi. Matacciyar tarwadar da fatarta ta yi farin dabbare-dabbare, ki bar wa mai ita.

Kifin ƙanƙara irin su taitus kuwa, farin ido da huhu mai duhu ba laifi ba ne gare shi, daskarewa ce ta jawo. Abin dubawa shi ne alamar ya narke an sake daskarar da shi: jini da ruwa sun daskare a gindin kwali, kifayen sun manne sun lanƙwashe, ciki ya fashe, gefen ciki ya yi rawaya. A kan taitus wannan ba batun daɗi kawai ba ne. In ya zauna a zafi, ƙwayoyin cuta suna tara wani sinadari mai suna histamin a tsokarsa, wanda ke jawo ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da gudawa jim kaɗan bayan an ci. Dahuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, kuma kifin yana iya zama kyakkyawa a ido yana ɗauke da shi. Haka nan hoto ba zai nuna miki kifin da aka kama da guba a ruwa ba, ba kuma zai faɗa miki ranar da aka ɗauke shi ba.

Wannan na ƙarshen yana da magani: ki ce a ɗora wani abu da kika zaɓa a gefen kifin, cokali ko murfin kwalba, a sake ɗauka yanzu. Sannan ki yi sharaɗi tun kafin ki tura kuɗi cewa in kaya ya iso za ki ɗaga murfin ki shinshina, ki danna bayan kifin da yatsa, ɗan aike yana tsaye. In ramin yatsan bai ciko ba, ko huhun yana tsami ko ɗoyi, da shi zai koma.