Kafin Katafila ta Kafa Haƙori a Ƙasa

Ranar 15 ga Mayu, 2008, wata motar gyaran hanya ta fasa bututun mai a unguwar Ijegun da ke Legas. Wuta ta tashi, ta cinye gidaje, mutane da dama suka rasa rayukansu. Direban bai ga bututun ba, domin a binne yake. Irin wannan ne ya sa kamfanin gini mai hankali ba ya fara haƙa sai ya rubuta takardar tsarin aiki, wadda ke fayyace abin da za a yi daki-daki, da wanda zai yi shi, da inda dole a dakata.

Matsalar ita ce yawanci ana rubuta takardar don a gamsar da mai ba da kwangila, shafi talatin na Turanci, sai a jefa ta cikin durowa. A ganina wadda foman ba zai iya karanta wa leburorinsa da safe cikin minti biyar ba, ba ta kare ran kowa.

A ɗauka za a haƙa magudanar ruwa mai tsawon mita 60 da zurfin mita ɗaya a gefen wani titi a Kano. Matakin farko shi ne neman taswira daga kamfanin wutar lantarki, da hukumar ruwa, da kamfanonin sadarwa. Amma taswira ishara ce kawai. An sha faɗaɗa titi ko a ƙara masa ciko bayan an binne kebul, sai wanda aka zana a gefe ya koma tsakiya. Don haka foman zai zaga wurin da ƙafarsa. Idan ya ga kebul ya gangaro daga falwaya ya nutse ƙasa, ko murfin ramin sadarwa, ko faci a kwalta mai tafiya a miƙe, to akwai abu a ƙasa.

Daga nan sai wanda aka horar ya bi wurin da na'urar gano kebul, yana shafa fenti duk inda ta yi ƙara. A nan ake yawan ruɗuwa. Na'urar tana jin kebul ne idan wuta na gudana a cikinsa. A garuruwanmu da ake ɗauke wuta ba sanarwa, kebul mai ƙarfin bolt 11,000 zai iya yin tsit da ƙarfe tara, a dawo da wuta da ƙarfe goma lebura na tsaye a kansa. Shi ya sa takardar za ta wajabta amfani da ƙaramin injin da ke tura sigina cikin kebul, don a bi sawunsa ko babu wuta. Bututun roba kuwa, na ruwa ko na gas, na'urar ba ta jin sa sam.

Saboda haka sai an gani da ido. Za a haƙa ramukan gwaji da hannu a gicciye da layin fentin, da shebur mai mariƙin da ba ya ɗaukar wuta. Ban da diga, ban da ƙarfe mai tsini. Idan an kusa, a haƙa ta gefe, ana zaftare ƙasa a hankali har kebul ya bayyana. Tef ɗin gargaɗi, ko jerin bulo, ko yashi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, duk alamu ne cewa an zo kusa, ko da yake ba kowane kebul aka yi wa wannan gata ba. Ƙa'idar hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, wadda kamfanoni da yawa ke aro, ta hana amfani da injin fasa ƙasa na hannu a cikin rabin mita daga layin da aka gano, kuma haka tazarar take tsakanin bokitin katafila da bututun gas. Mai bututun na iya neman fiye da haka, kuma maganarsa ake bi.

Takardar za ta rubuta ƙarara cewa katafila ba ta motsi sai injiniya ya duba ramukan ya sa hannu a izinin haƙa, kuma mutum ɗaya zai tsaya yana kallon bokiti, ba shi da wani aiki. Kebul ko bututun da ya rataya a fili a tallafe shi da katako, kar a taka shi, kar a mayar da shi matakala.

Idan aka ci karo da abin da ba ya cikin taswira, aiki ya tsaya, a ɗauke shi a matsayin mai rai. Idan bokiti ya taɓa kebul, direba ya zauna cikin motarsa, sauran su ja baya, a kira lambar da ke shafin farko. Ko ƙwarzane ne a bawon kebul a sanar da masu shi, domin danshi zai shiga ta nan ya fasa shi bayan watanni. Wurin mayar da ƙasa kuma, yashi ake fara zubawa, sannan tef, ba ɓaraguzan kankare ba.