Yadda Za a Adana Rubutun Hausa da Aka Kwaso Daga Intanet Ba Tare da Ƙ, Ɗ da Ɓ Sun Lalace Ba

A ce ɗalibar jami'a tana bincike kan kanun labaran Hausa. Ta rubuta 'yar manhaja da Python wadda ke bin shafukan labarai tana kwaso kanu tana zubawa a fayil. Da aikin ya kammala ta buɗe fayil ɗin, sai ta tarar inda shafin ya rubuta "An ƙara kuɗin gyaɗa a ɓoye" ya koma haka:

```
An Æ™ara kuÉ—in gyaÉ—a a É“oye
```

Duk sauran haruffan suna nan lafiya lau, masu ƙugiya ne kawai suka rikiɗe. Mutane da yawa idan suka ga haka sukan ɗora laifin kan shafin, ko su ce kwamfuta ba ta san Hausa ba. Gaskiyar magana ita ce an rubuta fayil ɗin da wani tsari, an karanta shi da wani dabam.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi da siffarsa, lamba take ajiyewa. Kowane gurbi na ajiya, wanda ake kira bayit, yana ɗaukar lamba ɗaya tsakanin 0 da 255, kuma akwai jadawalin da ke faɗin wace lamba ce ke nufin wane harafi. Abin ya yi kama da rajistar aji: lamba 12 a rajistar wannan aji Hauwa ce, a rajistar ajin da ke kusa kuwa Sani ne. Wanda ya ɗauko rajistar da ba ta ajin ba zai kira sunan da ba shi ba, ko da lambar da ke hannunsa daidai take.

Tsohon jadawalin da ake kira ASCII yana da gurabe 128, an tsara shi don Turanci. Daga baya Windows-1252, wanda Windows ke yawan rubutawa da sunan ANSI, ya faɗaɗa zuwa gurabe 256 domin harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa ko ɗaya. Tsarin da ke ɗauke da su shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. Shi yana barin haruffan ASCII a lambobinsu na da, bayit ɗaya ɗaya, ya ba kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu. Shi ya sa kalmar "ƙasa" take da haruffa huɗu amma tana cin bayit biyar.

A UTF-8, ƙ ita ce 198 sai 153. Idan manhaja ta karanta waɗannan lambobi da jadawalin Windows-1252, ba ta san a haɗe suke ba, sai ta fassara su ɗai-ɗai: 198 ta zama Æ, 153 ta zama ™. Haka ɗ, wato 201 da 151, take komawa É—, ita kuma ɓ, 201 da 147, ta koma É“. Ƴ ƙarama da ake rubutawa a Nijar tana fitowa a Æ´. A Najeriya, inda ake rubuta 'y, lanƙwasasshiyar alamar da ke gaban harafin kan koma â€™, sai ka ga â€™yan a maimakon ’yan.

Rubutun da aka kwaso yana ratsa ƙofofi uku kafin ya iso idon mai karatu: lokacin da aka karanto shi daga shafi, lokacin da aka rubuta shi a fayil, da lokacin da aka buɗe fayil ɗin. A kowace ƙofa, in ba ka faɗi tsarin da kake so ba, manhaja za ta zaɓa maka, kuma zaɓinta ba kullum yake dacewa da Hausa ba.

Ƙofa ta farko ita ce karatu. Masu kwaso rubutu da Python sukan yi amfani da requests. Idan sabar da ta aiko shafin ba ta bayyana tsarinsa a bayanan da ke rakiyarsa ba, requests kan ɗauka ISO-8859-1 ne, alhali mafi yawan shafukan yau UTF-8 ne. A wannan jadawali 153 ba ta da siffar da ake gani, don haka "ƙasa" kan bayyana kamar Æasa, ko da ɗan akwati a tsakiya. Layi ɗaya ke magance wannan, muddin an sa shi kafin a taɓa rubutun:

```python
amsa = requests.get(adireshi)
amsa.encoding = "utf-8"
rubutu = amsa.text
```

Kafin ka yanke cewa UTF-8 ne, duba asalin rubutun shafin, kusa da samansa za ka ga inda aka rubuta charset. Abin da ke nan shi za ka bi.

Ƙofa ta biyu ita ce mafi hatsari, domin a nan ne ake asarar da ba ta gyaruwa. A kwamfutoci masu Windows da yawa, idan ka buɗe fayil don rubutu ba ka ambaci tsari ba, Python kan yi amfani da Windows-1252. Da ya iso ƙ ta farko sai ya tsaya ya rubuta:

```
UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'
```

Wannan \u0199 ɗin lambar ƙ ce, saƙon kuwa cewa yake babu gurbinta a jadawalin da ake rubutu da shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a nemi rufe bakin saƙon da errors="ignore" ko errors="replace". Manhajar za ta ci gaba da aiki ba ƙorafi, amma na farko yana zubar da harafin gaba ɗaya, na biyu yana maye gurbinsa da alamar tambaya. Jimlar ɗalibarmu za ta koma "An ?ara ku?in gya?a a ?oye". Mutum zai iya cankar wannan, amma ɗari da ƙari da ɓari duk za su zama ?ari, kuma a cikin dubban layuka babu manhajar da za ta tabbatar maka wanne ne wanne ba tare da kuskure ba. Gyaran da ya dace shi ne a faɗi tsarin tun wajen buɗe fayil:

```python
with open("kanu.txt", "w", encoding="utf-8") as f:
    f.write(rubutu)
```

Haka kuma ranar da za a sake karanta fayil ɗin da Python, sai a maimaita encoding="utf-8". Mai kwafa da hannu yana liƙawa a Notepad shi ma yana da wannan ƙofa. A tagar Save As akwai akwatin Encoding a ƙasa, ya tabbata UTF-8 ne a ciki, ba ANSI ba. Tun 2019 Notepad na Windows 10 ke zaɓar UTF-8 da kansa ga sabon fayil, amma tsofaffin kwamfutoci, da tsofaffin fayiloli da aka fara da ANSI, suna nan a ofisoshi da shagunan buga takardu.

Ƙofa ta uku ita ce ta kama ɗalibarmu. Ta karanto daidai, ta adana daidai da UTF-8 a fayil ɗin CSV, sai ta danna shi sau biyu ya buɗe a Excel. Fayil ɗin rubutu zalla ba ya ɗauke da wani bayani da ke faɗin tsarinsa, kuma Excel a Windows, in bai ga alama ba, yakan karanta CSV da ANSI. Abin da ke cikin fayil ɗinta lafiya yake, karatun ne ya karkace. Alamar da Excel ke nema bayit uku ce a farkon fayil, 239, 187, 191, ana kiranta BOM. Python zai sa ta idan aka rubuta utf-8-sig:

```python
with open("kanu.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="") as f:
    csv.writer(f).writerows(layuka)
```

Wannan na fayil ɗin da mutum zai buɗe a Excel ne. Fayil ɗin da wata manhaja za ta ci gaba da sarrafawa a bar shi a utf-8 zalla, domin manhajar da ba ta san da BOM ba takan liƙa shi a jikin kalmar farko, wani lokaci ya bayyana a ï»¿. In kuwa fayil ɗin ya riga ya kammala babu BOM, ba sai an sake kwasowa ba. A buɗe Excel tukuna, a shiga Data, a zaɓi From Text/CSV, a akwatin File Origin a sa 65001: Unicode (UTF-8). Wajen fitar da aiki daga Excel ma a lura: CSV UTF-8 shi ke tsare ƙugiya, CSV (Comma delimited) na gargajiya yana mayar da ita alamar tambaya.

Saboda haka duk lokacin da ka ga rubutu ya lalace, fara duba irin lalacewar kafin ka taɓa komai. Idan Æ™ da É— kake gani, lambobin suna nan, kada ka adana a kansu, rufe fayil ɗin ka sake buɗewa da UTF-8. In har an riga an adana su a haka, sau da yawa ana iya juyawa baya:

```python
gyararre = lalatacce.encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Idan lalacewar daga requests ta zo, sai a sa latin-1 a madadin cp1252. Wannan dabara tana da iyaka. Babbar Ɓ lambobinta 198 da 129 ne, ita kuwa 129 ba ta da harafi a Windows-1252, don haka kalmomi irin su Ɓarawo a farkon jimla sukan tsayar da gyaran, ko a tarar rabin harafin ya riga ya salwanta. Idan kuma ɗan akwati kake gani a gurbin ƙ kaɗai, babu Æ a gabansa, yawanci salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin, canza shi zuwa Arial ko Times New Roman zai nuna maka. Ganin \u0199 a fayil ɗin JSON ma ba lalacewa ba ce, wata hanyar rubuta ƙ ce, kuma ensure_ascii=False zai fito da harafin a fili. Alamar tambaya ce kawai, da harafin da ya ɓace ɗungum, ba su da magani sai komawa shafin a sake kwasowa, shafi kuwa yana iya canzawa ko a sauke shi kafin ka dawo.

Shi ya sa ya kamata a yi gwaji kafin a saki manhaja ta kwashi dubban shafuka. Rubuta layi ɗaya mai ɗauke da Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ka adana shi ta hanyar da za ka adana sauran, ka buɗe shi a manhajar da za a yi aikin ƙarshe da ita. Sannan ka kwaso shafi ɗaya tak, ka nemi Æ da É da alamar tambaya a farko ko tsakiyar kalma. Ka kuma ajiye asalin shafin yadda ya zo, wato amsa.content, a fayil dabam da aka buɗe da "wb". Wannan kwafin lambobi ne tsagwaronsu da babu jadawalin da ya taɓa, don haka ko an yi kuskure a kowace daga cikin ƙofofin uku, daga gare shi za a sake fitar da rubutun da ƙugiyarsa cikakkiya.